Darasi na Goma Sha Biyu: Yadda Gona Take Zama Unguwa a Azuba

Abin da za ku koya

A wannan darasi za ku koyi yadda ake gudanar da ƙaramin bincike na labarin ƙasa cikin harshen Hausa. Za ku auna nisa da taku, ku zana taswira mai sauƙi, sannan ku yi gajeriyar hira da dattawa domin ku gano yadda amfanin ƙasa ya sauya a kewayen makarantarku.

Sababbin kalmomi

Taswira: zanen wani wuri a kan takarda, kamar yadda mai kallo daga sama zai gan shi.

Taku: nisan da ke tsakanin ƙafa ɗaya da ɗayar idan mutum yana tafiya.

Zango: wurin da matafiyi yake tsayawa kafin ya ci gaba.

Saura: gonar da aka bari ta huta ba a noma ta ba.

Fadama: ƙasa mai kwari wadda take riƙe ruwa ko danshi har cikin rani.

Fuloti: yankin fili da aka auna aka keɓe domin gini.

Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama, daga baya suka tashi.

Kunya: tudun ƙasa mai tsawo da manomi yake yi da garma domin shuka.

Me ya sa Azuba?

Azuba tana arewa da garin Lafiya, a kan babbar hanyar da ta nufi Akwanga. Kafin 1996 Lafiya hedikwatar ƙaramar hukuma ce a cikin Jihar Filato. A ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, ta mai da Lafiya babban birninta. Daga nan ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta kwararowa, kowa yana neman wurin zama. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar Lafiya sun haura dubu 330. A 2011 kuma Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta fara aiki.

Idan gari ya cika, yakan miƙe ne ta bin manyan hanyoyi, domin mai gini yana son wurin da mota za ta kai masa bulo da siminti, kuma ya sami abin hawa zuwa wurin aiki. Saboda haka garuruwan da ke bakin hanya kusa da babban birni su ne suke fara ganin sauyi. Ƙasar da ake noman doya, rogo, masara da riɗi a cikinta takan koma fuloti, fulotin kuma ya koma gida. Wannan sauyi ya shafi abincin da ake ci, da nisan da manomi yake tafiya zuwa gona, da hanyar da ruwan sama yake bi. Tambayar bincikenku ita ce: tsakanin 1996 da bana, wace irin ƙasa ce ta ragu, wace ce ta ƙaru, kuma a ina?

An zaɓi 1996 ne domin shekara ce da dattawa ba sa mantawa da ita. Idan kuka ce wa mutum "shekara talatin da suka wuce", zai yi ta lissafi. Idan kuwa kuka ce "lokacin da aka ba mu jiha", nan take zai tuna inda yake da abin da yake nomawa.

Mataki na farko: neman izini

Kafin ku taka ko'ina, malaminku zai kai wasiƙar makaranta ga mai unguwa ko dagaci, ya bayyana masa rana da wurin da za ku bi. Kada ku raina wannan mataki. A wurin da filaye suke da daraja, duk wanda aka gani da igiyar awo da takarda ana iya ɗaukarsa mai awon fili ne da wani ya turo. Ku sa kayan makaranta, ku yi tafiya a rukuni na mutum huɗu ko biyar, kuma ku roƙi mai unguwa ya haɗa ku da wani babba da mutane suka sani. Ku tsaya a kan hanya. Kada ku shiga gona ko gidan kowa sai an ce ku shigo.

Mataki na biyu: auna takunku

Ba ku buƙatar kayan awo masu tsada. A filin makaranta ku auna mita 30 da igiyar awo, ku kafa sanda a farko da ƙarshe. Ɗalibi ɗaya ya yi tafiyarsa ta yau da kullum tsakanin sandunan sau uku yana ƙirga taku. A ce ya sami 39, da 41, da 40. Idan aka haɗa su aka raba uku, za a sami 40. Ke nan taku 40 na wannan ɗalibi daidai yake da mita 30, wato kowane taku santimita 75 ne.

Wannan ɗalibi shi kaɗai zai yi awon har a gama aikin, domin takun dogo da na gajere ba ɗaya ba ne. Ku lura kuma cewa taku yana raguwa a cikin yashi, a hawan tudu, da lokacin da mutum ya gaji. Idan kuna shakka, ku sake ƙirga takun a hanyar dawowa. Idan lissafin zuwa da na dawowa sun bambanta ƙwarai, sai a maimaita.

Mataki na uku: zaɓen layin bincike

Yawancin ɗalibai sukan so su bi gefen babbar hanya saboda sauƙi. Wannan kuskure ne. A bakin kwalta shaguna da gidaje za ku yi ta gani, sai ku zaci babu sauran gona a garin. Abin da ya dace shi ne ku zaɓi wata ƙaramar hanya da ta fita daga babbar hanya ta nufi gonaki. Da haka za ku ga yadda gini yake raguwa a hankali yayin da kuke nisa da kwalta.

Tsawon layin ya zama mita 600. Ku tsaya bayan kowane taku 40, wato kowace mita 30, har ku yi zango 20. A kowane zango ku juya dama, ku dubi ƙasar da ke gabanku daga bakin hanya zuwa kimanin taku ashirin, ku rubuta nau'inta. Wani rukunin zai iya ɗaukar hannun hagu. Nau'o'i biyar sun isa: gini, fuloti, gona, fadama, da daji. Ku sa saura a cikin gona, domin mai ita yana da niyyar komawa. Idan kuka tarar da abu biyu a zango ɗaya, ku rubuta wanda ya fi cin wuri.

Mataki na huɗu: zana taswirar

A kan takarda ku ja layi mai tsawon santimita 20. Kowane santimita ɗaya yana wakiltar mita 30, wato zango ɗaya. A ƙasan layin ku zana babbar hanya, ku rubuta "zuwa Lafiya" a gefe ɗaya, "zuwa Akwanga" a ɗaya gefen. A kowane zango ku yi ɗan akwati ku cika shi da alama: ja ga gini, ruwan ɗorawa ga fuloti, kore ga gona, shuɗi ga fadama, baƙi ga daji.

Taswira ba ta cika sai da abu huɗu: suna, ma'auni, bayanin alamomi, da kibiyar da ke nuna arewa. Idan ba ku da na'urar nuna alƙibla, ku fuskanci rana da sassafe. Gabas tana gabanku, arewa kuma tana hannun hagunku. Ku rubuta kwanan wata a ƙasa, domin wasu ɗaliban za su iya maimaita aikin bayan shekara biyar su kwatanta da naku.

Yanzu ku sake zana layin nan a takarda ta biyu, amma ku bar akwatunan babu komai. Wannan ita ce taswirar 1996, kuma da bakin dattawa za ku cika ta.

Abin da ido yake iya ruɗewa a kai

Wuri mafi wahala shi ne bambance gona da fuloti. Sau da yawa mutum yakan sayi fuloti, kuɗin gini ba su samu ba, sai ya shuka rogo ko masara a ciki, ko ya bar wani ya noma domin kada wurin ya zama kamar babu mai shi. Daga nesa gona ce, amma ƙasar ta riga ta bar hannun noma. Ku duba kusurwoyi: idan akwai ƙananan turakun siminti, ko layin bulo biyu ko uku da aka kewaye wurin da su, ko tulin yashi, to fuloti ne. Siffarsa ma takan nuna, domin fuloti yakan zama mai kusurwa huɗu daidai, galibi ƙafa 50 a 100 ko ƙafa 100 a 100, alhali iyakar tsohuwar gona takan bi bishiyoyi ko rafi.

Lokacin da kuka fita shi ma yana da tasiri. Damina a yankin Lafiya takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Idan kuka fita a watan Fabrairu, gonar da aka girbe za ta yi kama da daji. Ku sunkuya ku duba ƙasa. Ragowar kunya, tudun doya da ya baje, da guntayen karan dawa duk shaidar noma ne. Bishiyoyi ma suna ba da labari. Manomi yakan sare daji amma ya bar ɗorawa da kaɗanya saboda amfaninsu, don haka idan kuka ga babbar ɗorawa tsaye ita kaɗai a tsakanin sababbin gidaje, mai yiwuwa wurin gona ne a da. Tarin tsofaffin bishiyoyin mangwaro a wurin da babu gida kuwa yakan nuna kufai.

Mataki na biyar: hira da dattawa

Ku nemi mutum uku aƙalla waɗanda suke zaune a garin tun kafin 1996 kuma sun riga sun girma a lokacin. A cikinsu a sami mace, domin mata sukan fi sanin inda ake ɗebo ruwa da itace a da. Hirar kada ta wuce minti goma sha biyar, kuma ta fi kyau a yi ta a kan layin binciken, inda mutum zai nuna da hannu. A wannan yanki akwai masu harsuna daban-daban, kamar Eggon, Alago da Gwandara, kuma Hausa ce takan haɗa su a kasuwa. Ku yi magana a hankali da kalmomi masu sauƙi. Ga misalin yadda irin wannan hira takan gudana tsakanin ɗaliba da wani dattijo manomi:

Ɗaliba: Salamu alaikum, Baba. Ina kwana? Ina gajiya?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, 'yata. Yaya karatu?

Ɗaliba: Alhamdu lillahi. Baba, mu 'yan makaranta ne, muna koyon tarihin ƙasar nan. Ba awon fili muke yi ba, kuma ba za mu rubuta sunanku ba. Ko za ku ba mu ɗan lokaci?

Dattijo: Babu laifi, ina jin ki.

Ɗaliba: Lokacin da aka ba mu jiha, me ke nan wurin da gidan nan yake?

Dattijo: Gonar doya ce. Daga nan har waccan ɗorawa duk doya ce da rogo.

Ɗaliba: Yaushe aka fara gini a nan? Kafin komawa mulkin farar hula a 1999 ne, ko bayansa?

Dattijo: Bayansa ne da daɗewa. An fara yanka fuloti, ya yi shekaru a haka, sannan aka gina.

Ɗaliba: Waɗanda suke noma a nan a da, ina suke noma yanzu?

Dattijo: Sun matsa can ciki. Da ƙafa muke zuwa gona, yanzu wasu sai da babur.

Ɗaliba: Mun gode ƙwarai, Baba. Allah ya ƙara girma.

Ku lura da abu uku a wannan hira. Ɗalibar ta yi amfani da "ku" ga mutum ɗaya domin girmamawa. Ta ɗaure tambayarta da wani abu da kowa ya sani, maimakon ta nemi shekara kai tsaye. Sannan ba ta sa masa amsa a baki ba. Da ta ce "Ai nan gona ce a da, ko?" da dattijon zai iya amsawa da "E" don kawai ya faranta mata.

Akwai tambayoyin da ba naku ba ne. Kada ku tambayi wane ne mai fili, ko wa ya sayar, ko nawa aka saya, ko ina iyakar wane take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora riƙon filayen jiha a hannun gwamna, amma a aikace iyalai da masu sarauta suna da tasu faɗar ta gado, kuma maganar iyaka takan kai mutane kotu. Aikinku shi ne sanin abin da ake yi da ƙasa. Idan wanda kuke hira da shi ya shiga ƙorafi a kan wani, ku saurara da ladabi, kada ku rubuta, sannan ku koma kan tambayarku.

Idan mutum biyu cikin uku suka yarda a kan wani zango, ku cika akwatin da amsarsu. Idan duka ukun sun saɓa, ku sa alamar tambaya ku nemi na huɗu. In makarantarku tana da kwamfuta da intanet, manhajar Google Earth Pro tana nuna tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, kuma za ta taimaka wajen tabbatar da shekarun baya-bayan nan. Sai dai hotunan wajejen 1996 ba su da kaifin da za a gane gona ɗaya a cikinsu, shi ya sa ba za a iya barin hira ba.

Misalin lissafi

Lambobin da ke ƙasa na koyo ne kawai, naku za su fito daga aikinku. A ce wani rukuni ya gama zango 20 ya sami wannan sakamako:

| Nau'in ƙasa | 1996 | Bana |
|---|---|---|
| Gini | 2 | 8 |
| Fuloti | 0 | 5 |
| Gona | 12 | 5 |
| Fadama | 2 | 1 |
| Daji | 4 | 1 |
| Jimla | 20 | 20 |

Da farko ku tabbata kowane ginshiƙi ya ba da 20. Idan bai ba da ba, an tsallake zango ko an ƙirga wani sau biyu. Tun da zango 20 ne, kowane zango kashi 5 ne cikin ɗari. Saboda haka gini ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 40, gona kuma ta sauka daga kashi 60 zuwa kashi 25.

Mai gaggawa zai ce an rasa gona bakwai, ya rufe littafi. Amma ku ajiye taswirorin biyu gefe da gefe, ku bi su zango bayan zango. A wannan misali, cikin tsofaffin gonaki 12, biyar sun zama gini, huɗu sun zama fuloti, uku ne kawai suka rage. To, daga ina sauran biyun da suka cika biyar na bana suka fito? Daga daji. Cikin zango huɗu na daji, an sare biyu an mai da su gona, ɗaya ya zama fuloti, ɗaya ya rage. Ke nan tsofaffin gonakin da aka rasa tara ne. Gini ya ture gona, gona kuma ta ture daji. Wannan ya yi daidai da maganar dattijon nan cewa manoma sun matsa ciki.

Saura fadama. Zango ɗaya cikin biyu ya zama gini. Lambar ƙarama ce, amma ta cancanci a koma a duba, domin fadama hanyar ruwa ce. Ku dubi bangon gidan ko akwai layin danshi ko tabo a ƙasansa, ku dubi hanya ko ruwa ya fara yanka ta, ku tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi a watan Agusta da Satumba. Rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan ruwa kamar gona, don haka ruwan da ke gangarowa yakan ƙaru yayin da gidaje suke ƙaruwa.

Iyakar abin da za ku iya faɗa

Layi ɗaya na mita 600 ba Azuba ba ce gaba ɗaya. A rahotonku kada ku rubuta "Gonakin Azuba sun ragu zuwa kashi 25." Ku rubuta "A kan layin da muka bi, gona ta ragu daga zango 12 zuwa zango 5." Idan rukuni huɗu suka bi layi huɗu, biyu gabas da babbar hanya, biyu yamma, za ku sami zango 80, kuma maganarku za ta fi ƙarfi. Ku raba abin da kuka gani da abin da aka faɗa muku ta hanyar zaɓen kalmomi. Ga abin da ido ya gani ku ce "mun ga" ko "mun ƙirga". Ga abin da kunne ya ji ku ce "dattawa biyu sun ce" ko "an shaida mana". Idan kun gama, ku kai wa mai unguwa kwafin taswirar tare da godiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka zaɓi 1996 a matsayin shekarar kwatance?
2. Ɗalibi ya yi taku 50 a mita 30. Santimita nawa ne takunsa? Taku nawa zai yi a mita 600?
3. Kawo alamomi uku da ke nuna cewa wurin da aka shuka rogo fuloti ne.
4. Me ya sa bin gefen babbar hanya yake ba da sakamako mai ruɗarwa?
5. A misalin lissafi, bayyana yadda aka rasa tsofaffin gonaki tara alhali jimlar gona ta ragu da bakwai kawai.

Aikin harshe

Mai da waɗannan tambayoyi zuwa sigar girmamawa ta "ku": (a) Yaushe ka zo garin nan? (b) Me kike nomawa a da? (c) Ina kake ɗebo ruwa a lokacin?

Cika gurbi da "a da" ko "yanzu": (a) ______ daji ne, amma an sare shi. (b) ______ gidaje sun kai bakin fadama.

Aikin gida

Auna takunka a gida ko a makaranta sau uku, ka rubuta matsakaicinsa. Sannan ka tambayi wani babba a gidanku abin da ke wurin da gidanku yake a 1996, ka rubuta amsarsa cikin jimla biyar, kana fara kowace da "Ya ce" ko "Ta ce".